Yadda ake mayar da kWh na takardar kuɗin wuta zuwa MJ

'Yan uwa, lissafin nan ninkawa ɗaya ce kawai: kWh × 3.6 = MJ. kWh na nufin kilowat-awa, wato yunit ɗin wuta; MJ kuma megajul, wato jul miliyan ɗaya, jul kuwa ma'aunin makamashi ne. Dalilin 3.6 ɗin shi ne, kilowat ɗaya jul 1,000 ne a kowace daƙiƙa, awa ɗaya kuma daƙiƙa 3,600 ce. Ke nan yunit ɗaya, wato 1 kWh, jul 3,600,000 ne, 3.6 MJ.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen zaɓen lambar da za a ninka. Lambar da ke fuskar mita jimilla ce tun ranar da aka saka ta. A ce karatun wannan wata 4,870 ne, na watan jiya kuma 4,720. A fara debewa tukuna: 150 kWh. Sannan 150 × 3.6 = 540 MJ. Wanda ya ninka 4,870 kai tsaye zai samu 17,532 MJ, wutar shekaru ke nan, ba ta wata guda ba. Mai mitar kati kuma ya ɗauki yawan yunit da ke rasit, kada ya ɗauki nairar da ya biya.

Don Allah a kula da kW da kWh. Alamar kW ƙarfin na'ura take nunawa, sai an ninka da awannin aiki. Dutsen guga mai 1 kW da ya yi awa biyu yana jan wuta ya ci 2 kWh, wato 7.2 MJ.

Idan amsarku ta fito ƙasa da lambar kWh ɗin, rabawa kuka yi maimakon ninkawa.