Yadda ake raɗa wa mutane da garuruwan ƙagaggiyar duniya sunaye masu amo ɗaya

Duk mutumin Maraɗi in ya ji Tibiri, Mayahi, Gazawa, Madarunfa, ya san yana gida. In aka ce masa Abalak, Ingal, Tafadek, kunnensa zai gaya masa an nausa arewa, ko da bai san Tamashek ba. Banibangu da Tondikiwindi kuwa sai ƙasar Zabarmawa. Abin da ya bambanta su shi ne kowane harshe yana da ƴan sautukan da yake maimaitawa, da waɗanda ba ya taɓawa sam. Marubucin da ya ƙirƙiro duniyarsa wannan ƙuntatawar yake bukata.

Fara da ɗaukar kaye ka ware wa kowace al'umma shafinta. A saman shafin rubuta baƙaƙe shida zuwa takwas da wasula biyu zuwa huɗu, sauran haruffa duka ka haramta musu. Mu ɗauka labarinka yana da mutanen bakin kogi. Ka ba su m, n, l, r, w, y, s, d, da wasulan a, i, o, u. Maƙwabtansu mazauna duwatsu ka ba su k, g, t, z, b, r, da wasulan a da e kawai. Harafin r ne kaɗai baƙin da suka haɗa, kuma hakan ya isa.

Sai ƙirar gaɓa, wadda ta fi zaɓen haruffa tasiri a kunne. Mutanen kogi kowace gaɓarsu baƙi ne da wasali, sunansu gaɓa uku: Wa-ri-mu, Li-wa-nu. Mutanen duwatsu gaɓarsu a rufe take da baƙi, sunansu gaɓa biyu: Tar-bak, Zeg-bar. Yawancin sunayen Hausa da wasali suke ƙarewa, don haka mai karatu zai ji Warimu kamar ɗan ƙauyen da ke kusa, Tarbak kuwa baƙo ne tun daga sunansa. Ka yi tunani tun yanzu wace al'umma kake so a ji ta kusa da zuciya.

Daga nan ka ƙera ƴan guntaye masu ma'ana da za su riƙa dawowa. Mu ma haka muke yi: Gidan Rumji, Sabon Maci, da ɗimbin garuruwan da suka fara da Ɗan ko Birnin. A wajen mutanen kogi ka ce kowane gari da -lo yake ƙarewa: Dimalo, Riwalo, Nusalo. Maza su ƙare da -u, mata da -ya: Nuliya, Rodiya. Wannan na ƙarshe ba ado ba ne kawai. Kunnen Bahaushe ya saba suna mai ƙarewa da -iya mace ce, in ka saɓa masa sai ya riƙa tuntuɓe da "ya ce" da "ta ce" har ƙarshen babi. Garuruwan duwatsu kuma su fara da Tek-: Tekzar, Tekbet. Guntaye huɗu ko biyar sun wadatar da al'umma guda.

Yanzu ka zana sunaye kamar ashirin a kowane shafi, ka tace su da baki, ba da ido ba. Haruffan mutanen kogi za su haifo maka Wawalo, kuma babu yadda za a yi sarkin Wawalo ya yi kwarjini a gaban mai jin Hausa. Somiya ma a cire ta, ta yi kusa da Sumayya, za ta fito da mai karatu daga duniyar taka ta mayar da shi unguwarsu. Sannan ka saka kowane suna cikin jimla ta gaske: dokin Tarbak, kasuwar Dimalo, Dimalawa sun iso, wani Badimale. In sunan gari ya ƙi karɓar -awa, ka gyara shi tun kafin ka kai babi na goma.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne kamannin su yi yawa. Nuliya, Nuriya da Nusiya duk sun bi doka, amma ba wanda zai iya riƙe wacece wace. Maganinsa mai sauƙi ne: ƙarshen suna shi ke nuna dangi, farkonsa shi ke nuna mutum. Kada manyan taurarin labari biyu su fara da harafi ɗaya. Ka karanta wa ƙanenka ko ƙawarka shafi guda, bayan an sha shayi ka tambaya wa ya haye kogin. In aka yi jim, suna biyu sun cuɗe.

Wani abu kuma da ya shafe mu nan Nijar: rubutu iri biyu muke gani kullum, Tasawa a bakinmu, Tessaoua a allon hanya. Ka tsaya a kan rubutun Hausa daga farko har ƙarshe, Warimu ba Ouarimou ba. Tunda ba ma nuna tsawon wasali ko karin sauti a rubutu, kada ka gina bambancin sunaye biyu a kansu, don a takarda za su fito iri ɗaya.

In ka ga dama ka karya dokar sau ɗaya da gangan. Yarinya mai suna Zegbariya a cikin Dimalo, tun kafin ka yi bayani mai karatu ya gane ubanta daga duwatsu ya gangaro.