Kar ku fassara karin maganar Turanci kalma da kalma

Salamu alaikum 'yan uwa masu fassara. Jiya na ga wani ya mayar da "kick the bucket" zuwa "ya harbi bokiti", wallahi sai da na yi dariya, ai ma'anarta ya mutu ne.

Amma sanin ma'ana kaɗai ba ya isa, sai ka auna nauyin maganar. Bature ba ya faɗin wannan a gidan makoki, magana ce ta raha da rashin ko'in kula, don haka in ka sa "ya riga mu gidan gaskiya" ko "rai ya yi halinsa" ka ba ta girman da ba ta da shi, waɗancan da "passed away" suke tafiya. Abokin tafiyarta shi ne "ya sheƙa barzahu" ko "ya margaya". Gwajin mai sauƙi ne: za ka iya faɗa a gaban ɗan mamacin? In a'a, to nauyin ya yi daidai.

Ita kuwa "break the ice" ba ruwanta da ƙanƙara, maganar kawar da baƙunta ce tsakanin mutanen da ba su saba ba. Ni dai nakan ce "ya yi barkwanci don a saki jiki", yana zama daram.