Yadda ake gano matsala idan firintar rasit ko sikana ta tsaya ana cikin ciniki

Firintar rasit ba ta cika lalacewa gaba ɗaya a rana guda ba. Yawancin waɗanda ake kai wa mai gyara da sunan sun mutu, za ka tarar wuta ce ba ta isa gare su, ko an saka takarda a juye, ko kwamfuta ce ke aika aiki ta ƙofar da firintar ba ta wurin. Abin da ke ɓata lokaci shi ne taɓa komai a lokaci guda: a zare wannan waya, a goge waccan manhaja, a sake kunna kwamfuta sau uku, har a rasa me aka canza. Hanya mafi sauƙi ita ce ka fara raba matsalar gida biyu, ka san ko daga firintar take ko daga kwamfuta, sannan ka bi gefen da ke da laifi kaɗai.

Fara da fitilun da ke gaban firintar. Yawancinsu suna da uku: POWER, ERROR da PAPER. Idan babu wadda ta kama, batun wuta ne. Bi wayar tun daga soket zuwa adafta, daga adafta zuwa bayan firinta, domin sau da yawa wayar da ke shiga cikin adaftar ce ke sassautawa ba a lura ba. Idan za ka aro wata adafta ka gwada, karanta abin da aka rubuta a ƙasan firintar tukuna. Manyan firintoci masu cin takarda milimita 80 galibi 24V suke so, ƙananan masu milimita 58 kuwa da yawansu 12V ko ƙasa da haka. Bakin waya ya shiga rami ba ya nufin wutar ta dace. Adafta mai ƙaramin ƙarfi tana iya kunna fitila, amma da an fara bugu firintar ta ɗauke, saboda lokacin ne take jan wuta sosai. Wadda ta fi ƙarfinta kuma tana iya ƙona ta.

Idan POWER ta kama amma ERROR ko PAPER na haske, buɗe murfi ka duba takarda. A nan ya kamata mu ɗan daɗe, domin mutane da yawa ba su san yadda wannan firinta ke rubutu ba. Babu tawada a cikinta ko ɗigo. Zafi ne ke yin rubutun: akwai wani siririn layi a ciki da ake kira kan firinta, yana ɗumama takardar, ita kuma an shafa mata sinadari a fuska ɗaya da ke yin baƙi idan ya ji zafi. Saboda haka idan aka juya naɗin, takarda za ta fito lafiya lau, a yanke ta ma, amma fara fat. Gwajin ba wuya. Ka karce takardar da farce da sauri. Fuskar da ta yi baƙin zane ita ce mai sinadari, ita ce kuma za ta fuskanci kan firintar. Idan duka fuskokin biyu ba su yi zane ba, takardar ba ta zafi ba ce, kuma babu saitin da zai sa ta yi rubutu. A cikin murfin yawanci akwai ɗan hoto da ke nuna ta inda bakin takarda zai fito, bi shi. Ja ɗan tsawon takarda waje, ka rufe murfin ka danna tsakiyarsa har gefe biyu su kama. Murfin da ya kama gefe ɗaya yana sa ERROR ta ci gaba da haske, ko rubutu ya fito a rabin takarda kawai.

Jan layi ko ruwan hoda a gefen rasit ba lalacewa ba ne, alama ce naɗin ya kusa ƙarewa.

Wani lokaci murfin ne zai ƙi buɗewa sam. Kada ka sa ƙarfi ko ka cusa sukundireba. Wuƙar da ke yanke rasit ce ta maƙale a tsakiyar tafiyarta, ta riƙe murfin. Kashe firintar ka sake kunnawa, sau da yawa wuƙar na komawa mazauninta da kanta. Idan ta ƙi, firintoci da yawa suna da ƙaramin murfi a gaba, a ƙarƙashinsa akwai ɗan abin murzawa da yatsa wanda ke mayar da wuƙar baya. Fizgar rasit kafin a gama yanka na cikin abubuwan da ke jawo wannan.

Yanzu sai gwajin da ya fi kowanne amfani, wanda firinta ke yi wa kanta. Kashe ta, ka danne maɓallin FEED, ka kunna ta kana riƙe da shi, sai ka saki idan ta fara motsi. Za ta buga doguwar takarda mai ɗauke da sunanta da saitinta, ba tare da ta nemi komai daga kwamfuta ba. Idan wannan takarda ta fito tas, to wuta, takarda, kai da injin duk lafiyarsu ƙalau; ka bar firintar ta huta, laifin yana waya ko kwamfuta. Idan rubutun ya fito dishi-dishi, kashe ta, ka bari kan ya huce, ka goge shi da auduga da aka jiƙa da sifirit na goge na'urori, ka jira ya bushe. Farin layi siriri da ya ratsa rasit daga sama zuwa ƙasa, wanda gogewa ba ta kawar ba, yana nufin wani ɗigo a kan firintar ya mutu. Wannan sai canjin kai. Kuma ka adana takardar gwajin, za ta yi amfani nan gaba.

Bari mu bi misali ɗaya daga nan. A ce jiya da dare an janye teburin an yi shara, an zare wayoyi an mayar. Da safe an sayar da kaya, manhajar ciniki ta nuna an biya, amma rasit bai fito ba. Mai kanti ya danna bugawa sau shida, shiru. Fitilar POWER na haske, babu ERROR, gwajin FEED ya fito da kyau. To waya ce ta biyo. An duba bayan firinta, wayar USB na zaune daram. A kula a nan: akwai wani rami mai kama da na wayar tarho, wani lokaci an rubuta DK a kansa. Na durowar kuɗi ne, kada a saka masa wata waya daban. An duba bayan kwamfuta, sai aka ga wayar tana ramin dama, alhali da tana na hagu.

Ga abin da ya faru. Windows na ba firinta wata ƙofa mai suna kamar USB001. Idan aka canza rami, tana iya ɗaukar firintar a matsayin sabuwa ta ba ta USB002, ko ta ƙirƙiro wata mai suna iri ɗaya da (Copy 1) a ƙarshe. Manhajar ciniki kuwa tana nan tana aika rasit ga tsohuwar. Magani mafi sauri shi ne mayar da wayar raminta na da. Idan ba a tuna ramin ba, shiga Control Panel, sai Devices and Printers, ka danna firintar da maɓallin dama, ka zaɓi Printer properties. A shafin Ports ka zaɓi ɗaya ƙofar ta USB, ka danna Apply, ka koma General ka danna Print Test Page. Ƙofar da ta sa takarda ta fito ita ce daidai.

Sauran rasit shida da aka aika ɗazu suna jira a layi, kuma wanda ya maƙale a gaba yana iya tare na baya. Buɗe layin firintar ka soke su. Idan sun ƙi gogewa, buɗe Command Prompt ta hanyar Run as administrator ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

```
net stop spooler
del /Q %systemroot%\System32\spool\PRINTERS\*.*
net start spooler
```

Wannan yana share duk aikin bugu da ke jira a kwamfutar, har da na wasu firintoci, amma ba ya taɓa bayanan ciniki. Idan shafin gwaji na Windows ya fito amma rasit bai fito ba, saura wuri ɗaya: saitin firinta a cikin manhajar cinikin, inda za ka tabbatar sunan da aka zaɓa shi ne na firintar da ke aiki yanzu.

Firintar da ke haɗe da wayar netwok labarinta daban ne kaɗan. Takardar gwajin da ka adana tana nuna adireshin IP ɗinta. Kwatanta shi da wanda ke cikin manhaja, domin idan an sake kunna rauta, wato na'urar da ke rarraba netwok, adireshin na iya canzawa. Idan kuma firintar mai tsohuwar waya ce ta siriyal, tana ta zubo alamomi marasa ma'ana, saurin aika saƙo ne bai dace ba: lambar da ke kan takardar gwaji, misali 9600 ko 38400, ita za a saka a kwamfuta.

Sikana ma ana raba matsalarta gida biyu haka nan. Yawancin sikanonin USB kwamfuta na ɗaukarsu a matsayin allon rubutu ne, wato suna rubuta lambobin kamar mutum ya buga da yatsu. Buɗe Notepad ka haska bakod na wani kaya, wato zanen layuka baƙaƙe da ke jikinsa. Idan lambobin da ke ƙarƙashin zanen, sau da yawa guda 13, sun fito daidai, sikanar ba ta da laifi. Ko dai alamar rubutu, wato ɗan layin da ke ƙiftawa inda rubutu zai shiga, ba ta cikin akwatin da ya dace a manhajar, ko ba a shigar da kayan ba. Idan sun fito amma alamar ba ta sauka layi na gaba ba, saitin da ke ƙara Enter a ƙarshe ne ya goge, shi ya sa manhaja ke tsayawa tana jira. Idan alamomi ne suka fito maimakon lambobi, duba harshen allon rubutu na kwamfutar, wataƙila an canza shi bisa kuskure.

Idan sikanar ta yi ƙara alamar ta karanta amma Notepad babu komai, mai yiwuwa an haska mata wani bakod na saiti da ya sauya yadda take magana da kwamfuta. A littafin da ya zo da ita akwai bakod na mayar da ita saitin masana'anta. Haska shi, sannan na USB mai aiki kamar allon rubutu, sannan na ƙara Enter. Yi amfani da littafin samfurinta kaɗai, na wata ba zai yi ba. Wadda haskenta ke ɗaukewa idan an motsa hannu kuwa, wayar ce ta karye daga ciki, galibi daidai gindin mariƙi inda take lanƙwasa kullum. A samfura da yawa wannan waya tana cirewa: akwai ɗan rami kusa da gindin, ka tura siririn ƙarfe a ciki ka ja ta a hankali, ka sayi irinta ka mayar, ba sai ka canza sikanar duka ba.