Yadda Ake Warware Tambayar Jinkirtaccen Haraji a Kan Inji

Tambayar nan tana fitowa a jarrabawar ICAN, cibiyar ƙwararrun akantocin Najeriya, kuma yawancin ɗaliban da nake yi wa bita a nan Gombe ba a lissafin shekarar farko suke faɗuwa ba, a na ta biyu ne. Bari mu bi ta da misali.

A ce wani kamfanin sarrafa shinkafa da ke hanyar Dadin Kowa ya sayi inji naira miliyan 20. Akantan kamfanin ya ƙiyasta injin zai yi shekara 5, don haka yana rage darajarsa miliyan 4 duk shekara. Hukumar haraji ba ruwanta da wannan ƙiyasi, tana da nata rangwamen. Tambayar ta ce rangwamen farko kashi 50 cikin 100 ne, sai kashi 25 na ragowar duk shekara, haraji kuma kashi 30. Wannan tsohon tsari ne. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a 2025 ta taɓa rangwamen, saboda haka kullum ka bi abin da takardar tambaya ta ba ka.

Mataki na farko, fitar da darajar injin a littafin kamfani a ƙarshen shekara. Miliyan 20 a cire 4, saura 16.

Na biyu, fitar da darajarsa a wajen hukumar haraji, wato abin da ya rage wanda za a yi wa kamfanin rangwamensa nan gaba. Rangwamen farko miliyan 10 ne. Kashi 25 na ragowar miliyan 10 ɗin ya ba da 2.5. Jimla 12.5, saura 7.5.

Na uku, ɗebe ta biyu daga ta farko, ka ninka da kason haraji:

```
(16,000,000 - 7,500,000) x 30% = 2,550,000
Dr Income tax expense       2,550,000
Cr Deferred tax liability   2,550,000
```

Me ya sa ya zama bashi? Kamfanin ya ci rangwamensa da wuri, kamar ma'aikacin da ya karɓi albashin watan gobe tun yau. Babu wanda ya yafe masa haraji, lokaci kawai aka ɗaga masa. Shi ya sa ƙa'idar IAS 12 take ɗaukar bambancin a matsayin na wucin gadi: a ƙarshe littattafan biyu duk miliyan 20 ɗin za su cire.

Yanzu shekara ta biyu. Daraja a littafi ta koma miliyan 12, ta haraji ta koma 5 bayan an sake cire 2.5 ɗin nan, bambanci 7, kashi 30 ɗinsa naira 2,100,000. A nan ake tuntuɓe. Ɗalibi sai ya ɗauki 2,100,000 ɗin ya sake zubawa a lissafin riba da asara, alhali wannan shi ne gejin bashin da ya rage a ƙarshen shekara. Abin da ke shiga lissafin riba shi ne motsin da aka samu tsakanin bara da bana. Bashin ya sauka daga 2,550,000 zuwa 2,100,000, ke nan naira 450,000 za a rage daga kuɗin harajin bana. Haka zai yi ta sauka: 1,650,000 a shekara ta uku, 1,200,000 a ta huɗu, sifiri a ta biyar. Idan ka ja teburinka har ƙarshe bai ƙare a sifiri ba, koma baya ka nemo inda ka kauce.

Akwai gwajin da ban taɓa tsallakewa ba, ko da lokaci ya ƙure. A ce ribar kamfanin kafin haraji miliyan 30 ce. A shekarar farko, mayar da miliyan 4 da akanta ya cire, ka ɗebe rangwamen 12.5, ka sami 21.5. Harajin da za a biya miliyan 6.45 ne. Haɗa shi da 2.55, ya zama miliyan 9 cif, daidai da kashi 30 na ribar. A shekara ta biyu, in ribar ta sake zama miliyan 30, harajin biya 9.45 ne, cire 0.45, miliyan 9 ya sake fitowa. Gwajin yana aiki ne muddin babu abin da hukumar ba ta yarda a cire ba har abada, kamar tara.

Idan tambaya ta ce an zartar da sabon kason haraji kafin a rufe littafin shekara, da sabon za ka ninka dukkan bambancin, domin shi za a biya lokacin da bashin ya dawo. In kuwa darajar haraji ce ta fi ta littafi, lamarin ya juye ya zama kadara, kuma ba a rubuta ta sai akwai kyakkyawan zaton kamfanin zai sami ribar da za a cire ta daga ciki.