Kuɗin da ake cire maka duk wata ba ka san na mene ne ba

Jama'a, kada ku tsaya kan saƙon alat. Ku shiga manhajar banki ku ciro bayanin asusu na wata uku, ku nemi cirewar da ke dawowa a rana iri ɗaya duk wata.

Ni a nan Gusau haka na kama nawa. Naira 2,900, ranar 14 ga kowane wata. Alat yana gutsure bayanin, shi ya sa ban gane ba. A takardar kuwa ya fito cikakke: GOOGLE* sannan sunan manhajar. Wannan alama ce ta Play Store aka biya. Masu iPhone za su ga APPLE.COM/BILL.

Ashe manhajar gyaran hoto ce da ƙanena ya sauke a wayata, ya danna gwajin kyauta. Mako ya cika, kati ya fara biya. Na goge ta tuni, amma gogewa ba ta tsayar da biya.

Buɗe Play Store, taɓa hotonka na sama, shiga Payments & subscriptions, sannan Subscriptions. Can za ka soke.

Wajen duba takardar banki, ka fi dogara da ranar, ba adadin ba. In da dala ake lissafi, kuɗin zai riƙa motsi kaɗan.

Inda dabarar ke gazawa: in ka duba ba ka ga komai ba, wataƙila katinka na kan wani imel ɗin daban. Duba sauran, har wayar yara. Wani lokaci kuma sunan kamfanin karɓar kuɗi ne kawai zai fito. Nan sai ka rufe katin, ka kai wa banki kwanan wata da adadin.