Darasi na Bakwai: Ƙusa, Sukuru da Fisha, Kowanne da Bangonsa

Kafin ka je shagon kayan gini a Bauchi ka ce a ba ka ƙusa, fara sanin abin da za ka kafa ta a jiki. Katako daban, kankare daban, bulo mai rami kuma shi ya fi ba mutane wahala.

Na katako ba shi da tsawon bayani. Ba ya buƙatar fisha, robar nan da ake cusawa a ramin bango, domin shi da kansa yake riƙe ƙusa da sukuru. Tsawon ƙusa ya kai kaurin katakon da za ka manna sau biyu da rabi zuwa sau uku, wato katako mai kaurin inci 1 yana son ƙusa inci 3. Idan katakon mai tauri ne irin maɗaci, ko za ka buga kusa da bakinsa, fara huda siririn rami, in ba haka ba zai tsage.

Ƙusar katako ba ta shiga kankare, lanƙwashewa take yi. Akwai ƙusar kankare, mai ƙarfe mai tauri, amma aikinta agogon bango, kalanda da maƙala waya. Ba ta lanƙwasa, karyewa take yi ta yi tsalle, don haka a kare ido. Abu mai nauyi sai da sukuru da fisha, wato robar nan da ake cusawa a rami, wadda ke buɗewa ta cije bango idan sukuru ya shige ta.

Lambar da ke jikin fisha faɗinta ne a milimita, kuma ita ce lambar bakin injin hudar da za ka ɗaura. Fisha mai lamba 6 tana son baki mai lamba 6 da sukuru mai kaurin milimita 4 zuwa 5. Mai lamba 8 tana tafiya da sukuru milimita 5 ko 6. Ramin ya zarce tsawon fishar da milimita 10, a kuma fitar da ƙurar ciki, domin ƙura tana sa fisha ta zame. Fishar kirki sai an ɗan buga ta da guduma take shiga. Idan ta faɗa ramin da turin yatsa, ramin ya yi faɗi, kuma cusa tsinken ashana a gefe ba gyara ba ne.

A ce za ka kafa katakon kanta mai kaurin milimita 20 a kicin, a jikin ginshiƙin kankare, da fisha lamba 8 mai tsawon milimita 40. Haɗa 20 da 40, ka ƙara 5 domin tsinin sukurun ya ɗan leƙa bayan fishar. An sami 65, sai ka sayi sukuru mai tsawon 70, ka ƙara wa ramin ɗan zurfi. Gajeren sukuru ba ya buɗe ƙarshen fisha, shi ya sa za ka ga kanta ta sauko da tukwane alhali komai sabo ne.

To idan bangon bulo ne fa? Bulo inci 9 da inci 6 duk suna da ramuka biyu a ciki, fatarsu kawai ke riƙe kaya. Ga filasta a kai mai kaurin kamar milimita 12 zuwa 15, ita kuma ba ta ɗaukar nauyi. Kana cikin huda sai ka ji injin ya zurma gaba ɗaya, to ka faɗa ramin bulo. A nan a kashe bugun gudumar injin a bar shi yana juyawa kawai, domin bugun yana farfasa fatar daga ciki, ya rage wurin da fisha za ta kama. Bulon da aka yi wa rowar siminti ma tun daga ƙurarsa ake gane shi: yashi ne zalla yake zubowa.

Mafita biyu ce. Ko ka ƙwanƙwasa bango ka nemi inda sautin ya toshe, wato gefen bulo ko katangar tsakiyarsa, ka huda nan. Ko ka sayi doguwar fisha wadda ke dunƙulewa a bayan fatar idan an ɗaure sukuru. Anka bolt kuwa, wato ƙarfen nan da ke buɗewa a cikin rami idan an ɗaure shi, na kankare ne, a bulo mai rami fasa shi yake yi.

Kada a huda daidai saman soket ko makunnin wuta, ko daidai ƙasansu, nan waya take bi. Fankar sama kuma ba a rataye ta da fishar roba a rufin kankare, sai da ƙugiyar ƙarfe da aka binne a kankaren ko anka bolt.

Aikin gida: katako mai kaurin milimita 25, fisha mai tsawon milimita 50. Sukuru mai tsawon nawa za ka saya, kuma zurfin ramin bango nawa ne?