Yadda ake gyara jerin da aka kwaso daga shafukan intanet daban-daban ya zama salo ɗaya

A ce malamin tarihi ya ba ku aiki a zangon farko: ku kawo jerin ƙasashen Afirka da ranar da kowacce ta samu 'yancin kai. Ka shiga shafi biyar ko shida, ka kwafo nan ka kwafo can, ka zuba a Word. Da ka duba sai ka ga wani layin baƙi ne, wani shuɗi da ja-layi a ƙasa, wani manyan baƙaƙe zalla. Ga irin abin da ake samu:

```
• NIGERIA – October 1, 1960[3]
2. niger : 03/08/1960
Ghana,   6th March 1957
- Tchad 11 août 1960
Chad — 8/11/1960
```

Kafin ka taɓa komai, ajiye kwafin wannan hargitsin a wani fayil daban, ka rubuta shafin da kowane layi ya fito. Gyaran da za mu yi zai share mahaɗan shafukan, kuma ranar da malam ya ce "ina ka samo wannan?" fayil ɗin ne zai cece ka. Ka kuma ƙirga layukan ka rubuta adadin a takarda.

Daga nan sai ka yanke shawarar yadda layi ɗaya zai kasance, ka rubuta shi a sama a matsayin samfuri. Misali: suna, alamar ruwa biyu, rana, wata da harafi, shekara, wato Nijeriya: 1 Oktoba 1960. Wanda ya tsallake wannan sai ya gyara rabin jerin da waƙafi, rabi da karan ɗori, ya dawo yana gyaran gyara.

Mataki na farko a kan na'ura shi ne tuɓe wa rubutun kayan da ya zo da su. Kowane shafi yana aiko da launinsa da girman harafinsa tare da kalmomin. Ka zaɓi jerin duka, ka kwafa, ka zuba a Notepad, sannan ka sake kwafowa daga can zuwa sabon fayil na Word. Notepad ba ya riƙe ado, kalmomi kawai yake ajiyewa. In ba ka son zagayen, danna ɓangaren dama na linzami a Word ka zaɓi `Keep Text Only`.

Yanzu jerin zai yi kamar ya gyaru, amma akwai dattin da ido ba ya gani. Danna alamar ¶ a shafin `Home`, ko `Ctrl+Shift+8`. Kowane fili tsakanin kalmomi zai fito a matsayin ɗigo, ƙarshen sakin layi kuma ¶. Ka sa ido a kan abu biyu. Na ɗaya ɗan da'ira ne ƙarami da ke rataye sama tsakanin kalmomi: fili ne irin na shafukan intanet wanda ba ya barin layi ya karye a wurin, kuma a wajen na'ura shi wani harafi ne daban da filin da ka saba bugawa. Na biyu kibiya ce mai lanƙwasa a ƙarshen layi, wadda ke nuna an sauko ƙasa ba tare da an rufe sakin layi ba. Ita ce ke sa ka danna maɓallin sa wa jeri lambobi sai layuka uku su tattaru ƙarƙashin lamba ɗaya, ka rasa dalili.

Maganinsu duka yana cikin `Ctrl+H`. Akwati na sama abin da za a nemo ne, na ƙasa abin da za a sa a gurbinsa. Bi wannan tsari, kada ka juya shi:

```
^l     →  ^p
^s     →  (fili ɗaya)
^w     →  (fili ɗaya)
^p^p   →  ^p
```

Na farko yana mayar da kibiyar nan cikakken sakin layi. Na biyu yana kawar da ɗan da'irar. Na uku yana matse filaye da yawa su zama ɗaya. Na huɗu yana cire layukan da babu komai a cikinsu, kuma shi sai ka maimaita har Word ya daina samun abin canzawa, domin layuka uku a jere ba sa tafiya a bugu ɗaya. In wani layi ya ƙi tafiya, duba da kyau, za ka ga ɗigon fili ya maƙale kafin ¶ ɗin. Nemo fili haɗe da `^p`, ka musanya da `^p` kaɗai.

Lambobin nan da ke cikin baka, irin su [3], alamun madogara ne daga shafin asali. A cikin akwatin dai, danna `More`, ka sa alama a `Use wildcards`, ka nemo wannan, ka bar akwatin ƙasa babu komai:

```
\[[0-9]@\]
```

Da ka gama ka cire alamar nan take, don muddin tana nan `^p` ba ya aiki a akwatin nema. Ɗigogi da lambobin da ke farkon layuka kuwa, in jerin bai wuce layi talatin ba, share su da hannu ya fi sauri. Daga baya Word zai sa lambobi nasa da kansa.

Sai sunaye, kuma nan ne `Replace All` yake yin ɓarna. Na taɓa cewa ya mayar da Niger ya zama Nijar, sai ga Nigeria ta koma Nijaria, ban kuma lura ba sai da takarda ta fito daga injin buga takardu. Sa alama a `Find whole words only` tukuna. Haka ma in ka ce a mayar da kowane karan ɗori ya zama ruwa biyu, sunan Guinea-Bissau zai tsage gida biyu, don haka nemi karan da ke da fili gaba da baya kawai. Manyan baƙaƙe kuwa, zaɓi kalmar ka danna `Shift+F3` har ta zo yadda kake so.

Kwanan wata kada ka bar wa na'ura. Dubi misalinmu: 03/08/1960 na Nijar yana nufin 3 ga Agusta, domin shafin ya fara da rana. Amma 8/11/1960 na Chadi ya fito daga shafin da ke bin tsarin Amurka, inda wata ke zuwa farko, don haka 11 ga Agusta ne, ba 8 ga Nuwamba ba. Layin Faransancin da ke samansa ne ya tona asirin. Duk inda lambobi biyun farko ba su wuce 12 ba, koma shafin asali ka tabbatar, sannan ka rubuta watan da harafi.

Bayan sunaye sun daidaita, zaɓi jerin ka danna maɓallin A-Z a `Home`. Abin da aka maimaita zai zo kusa da ɗan'uwansa ka share ɗaya. Dalilin barin wannan zuwa ƙarshe ke nan: da ka jera tun farko, Tchad tana can wajen T, Chad tana wajen C, ba za su taɓa haɗuwa ba. Ga yadda namu ya koma:

```
Chadi: 11 Agusta 1960
Ghana: 6 Maris 1957
Nijar: 3 Agusta 1960
Nijeriya: 1 Oktoba 1960
```

Ɗauko takardar da ka rubuta adadi a kai. Layi biyar muka fara da su, mun share maimaici ɗaya, saura huɗu. In lissafinka bai fita haka ba, to wani layin ya manne da na samansa a lokacin musanya, sai ka kunna ¶ ka bi su ɗaya bayan ɗaya.